Yajin Inna zai shiga kwali a Manchester, me za a rubuta a jikinsa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Shekarata shida ke nan a Manchester, kuma duk zuwan da wani zai yi daga gida sai Inna ta ba shi yajinta ya kawo min daga Ƙofar Marusa. Da farko kyauta nake rabawa, sai maƙwabtana 'yan Gana da wata 'yar Fakistan suka fara cewa in sayar musu. Yanzu duk wata ina sayar da kamar roba 30 ta waya kawai, ba suna ba komai. To wani mai shagon kayan Afirka ya ce zai ɗora a kanta idan na zo da shi a ƙulle, da suna da takardar bayani a jiki. Abin da nake so shi ne in rubuta "Yajin Inna, dakan gida daga Katsina", da hoton hasumiyar Gobarau. Tsorona kada garin gyara shi don Turawa ya tashi daga yajin Inna ya koma wani abu. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min inda ake tuntuɓe.

Nura Kargo: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin ba wuya. Ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, ki nemi lambar NAFDAC, ki karɓi takardar mai fitar da kaya ta NEPC, shi ke nan. Da lambar NAFDAC a jiki babu mai tare miki kaya. Mu duk sati muna ɗora kaya daga Kano.

Sanusi (Leicester): Nura, rabin maganarka gaskiya ce. Waɗannan takardun su ne za su fitar da kaya daga Najeriya ta ƙofa, ba ta taga ba. Amma ikonsu a filin jirgin Malam Aminu Kano yake ƙarewa. Da kaya sun sauka Ingila, wanda sunansa da adireshinsa ke jikin leda shi doka ta sani, wato Maman Hanif. Shekarata tara ina aikin duba ingancin kaya a wani kamfanin abinci a nan, ban taɓa ganin jami'in da ya tambayi lambar NAFDAC ba.

Maman Hanif, kafin suna da hoto, je ki yi rajistar sana'ar abinci a ƙaramar hukumar da kike zaune. Kyauta ne, kuma ƙa'ida a yi shi kwana 28 kafin a fara sayarwa. Ko a kicin ɗin gidanki kike zubawa a leda, za su zo su duba. Sannan ki gaya min, me da me ke cikin yajin, kuma nawa-nawa?

Maman Hanif: Yaya Sanusi ai matsalar ke nan. Inna ba ta awo. Ƙuli ne, barkono, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, kimba, gishiri da dunƙule. Da ido take zubawa. Gwaggo Turai tana nan, ita ke taya ta.

Gwaggo Turai: Ina nan ɗiyata, ina jinku. Awon mi kuma? Shekara arba'in muna dakan yajin nan ba mu taɓa aza shi bisa sikeli ba. Tiya biyu ta ƙuli, a zuba barkono sai ya yi ja yadda ake so, a lasa. In bai ji ba a ƙara. Hannu ne ka yin yaji ba sikeli ba.

Sanusi (Leicester): Allah ya ƙara girma Gwaggo, ba mai musun hannunku. Sikelin ba don ya koya muku ba ne, don ya kwafi abin da hannun ke yi ne. Ranar da za ku yi daka, a sa yarinya ta zauna gefe. Kafin Inna ta ɗebi barkono a auna kwanon, bayan ta gama ɗiba a sake aunawa, abin da ya ragu shi ne abin da ta zuba. Kada a ce mata komai, ta yi yadda ta saba. A yi haka a daka uku daban-daban, sai a ɗauki tsaka-tsaki. Dalili biyu ne. Na farko, dokar nan ta ce a jera kayan haɗi a jikin leda daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, kuma tiya ba ta nuna nauyi, don tiyar ƙuli da tiyar busasshen barkono ba nauyinsu ɗaya ba. Na biyu, wanda ya saya a Janairu ya ji daɗi, in ya dawo a Mayu ya tarar da wani ɗanɗano daban, ba zai ce barkonon bana ne ya fi zafi ba, cewa zai yi an cuce shi.

Zainab A.: Anti, ni ta fannin talla zan yi magana, shi na karanta. Kada ki sa "yaji" a babban suna. Ba wanda ke rubuta shi a wurin bincike. Ki shiga Etsy ko Amazon ki gani, `suya spice` mutane ke bugawa. Kuma ki rage barkonon da rabi, Turawa ba sa iya zafi. Sannan kwalbar gilashi mai haske, jan ya fito, shi ke ɗaukar ido a hoto.

Malam Kabir Daura: Zainabu, suya ai sunan aiki ne, soya nama ko ƙosai. Mu tsire muka sani, da balangu, da kilishi. A Kudu ne sunan ya zauna a kan tsire har ya tsallaka teku. Yanzu mu masu abin mu ne za mu ari sunan da aka ba kayanmu a Legas mu liƙa wa yajin tsohuwarmu? Yaji ba na nama kaɗai ba ne. Da shi ake cin shinkafa da wake, da ɗanwake, da dafaffen rogo, da awara. In kin kira shi da sunan suya kin rage masa aiki.

Zainab A.: Baba Malam na yarda da tarihin, amma tarihi ba ya biyan kuɗin kargo. In ba a same ki a bincike ba, ba a saya.

Sanusi (Leicester): Ku biyun za ku iya samun abin da kuke so a leda ɗaya. Babban rubutu ya zama YAJI. A ƙarƙashinsa dole ne dama a sa layi ɗaya da Turanci mai bayyana ko mene ne, tunda mai saye a nan bai san kalmar ba: garin gyaɗa da barkono da kayan ƙamshi. A shafin sayarwa kuma ta sa kalmar da Zainab ta faɗa don masu bincike. Amma kwalba mai haske kam a'a. Haske na kashe jan barkono, kuma man da ya rage cikin ƙuli yana saurin tashi in yana shan haske da iska. Wata uku a kan kanta kusa da taga, sama-saman kwalbar zai koma ruwan ƙasa, in an buɗe a ji warin tsohon mai. Leda mai azurfa a ciki, wadda ake liƙewa da inji, ta fi. In ana son jan ya fito a buga hotonsa a jiki.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. Gwaggo, ƙulin nan ku kuke yi ko saye kuke?

Gwaggo Turai: Da can mu muke yi. Yanzu ƙarfi ya ƙare, wurin wata mata muke saye nan bayanmu, mai tsabta ce ƙwarai. Ita kuma gyaɗar tana sayowa kasuwa, wani lokaci Charanchi wani lokaci nan cikin gari.

Sanusi (Leicester): To nan gizo ke saƙar. Ba maganar tsabtar matar ba ce. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa tun a gona in fari ya buge ta gab da cira, ko in an tara ta ba ta gama bushewa ba. Ita ke barin dafin da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta a hankali. Ba shi da wari, ba a gane shi a baki, kuma suya tana rage shi ne kawai, ba ta kashe shi. Iyakar da aka sa a nan ga gyaɗar ci da abin da aka yi da ita maikirogiram 4 ne a kilo ɗaya in an haɗa dukkan nau'o'insa, nau'in da ya fi muni kuwa 2. Barkono da citta an ɗan sassauta musu, 10 da 5.

Abin da ya sa ƙuli ya fi gyaɗar kanta haɗari shi ne, in an matse mai, yawancin dafin ba ya bin man, a tunkuza yake zama. A ce gyaɗa tana da 3, ta tsallake ke nan. Aka matse mai, nauyi ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Dafin da ke cikin kilo uku ya dawo cikin kilo biyu, lissafi ya koma 4.5. Gyaɗar da ta wuce ta haifi ƙulin da ya faɗi. Sannan mu faɗi gaskiya, mai yin ƙulin sayarwa ribarta a mai take, ba za ta sayi gyaɗa mai tsada ta zauna tana zubar da ƙwaya ba. Fasassu da motsattsu duk inji suke tafiya, kuma su ne suka fi ɗaukar abin.

Gwaggo Turai: Ikon Allah. To mu da muka tashi da ƙuli tun muna goye, ga mu nan da ranmu. Hunhuna ai ana ganinta, wa zai daka gyaɗa mai hunhuna?

Sanusi (Leicester): Wadda ta yi kore ana gani Gwaggo. Wadda ta fi ba da wahala ita ce ƙwayar da ta ɗan motse, ko ta yi duhu, ko ƙwaro ya huda, in an fasa a ga cikin ya yi rawaya-rawaya. Kuma ba a baje yake cikin buhu ba. Ƙwaya kaɗan ne ke ɗauke da shi da yawa, shi ya sa tsinta ke aiki sosai, shi ya sa kuma in za a kai gwaji ba a ɗiba daga bakin buhu kawai. A ɗebo daga sama, tsakiya, ƙasa, kowane buhu, a haɗa a niƙa, sannan a cire abin da za a kai.

Kawu Lawal: Salamu alaikum. Tunda ana maganar fitar da kaya, ni kilishi nake yi a Daura shekara ashirin, har daga Damagaram ana aiko saye. Maman Hanif ko za ki haɗa da nawa a sa masa sunan naki? Nawa ba ya lalacewa, wata shida yana nan garau.

Nura Kargo: Kawu wannan kam ko ni ba na ɗauka zuwa Ingila. Nama da kayan nono daga Najeriya ba sa shiga, ko a jakar hannu ne. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk ƙwacewa suke yi. Na ga wadda aka zazzage wa akwati a kan ƙullin dambu ɗaya.

Kawu Lawal: To busasshen nama ma? Allah ya kyauta. Amma wane ne wancan da ke sayar da kilishi a Landan ina gani a waya?

Sanusi (Leicester): In na halal ɗin doka ne, da naman can ya yi shi a can, Kawu. Kuma wannan ita ce hanya ta biyu da zan gaya wa Maman Hanif. Hanyoyin biyu ne. Ko dai a yi komai a Katsina amma ku riƙe gyaɗar da hannunku: ku saya da kaka wurin manomin da kuka sani, a busar a kan tamfol ba a ƙasa ba har ƙwaya ta riƙa ƙara cikin ɓawo in an girgiza, a ɓare, a tsince ƙwaya-ƙwaya, a ba mai ƙulin ta yi muku aikin ku biya ta ladanta, sannan kowane daka a kai gwaji kafin ya hau jirgi. In manomin yana zuba Aflasafe a gona, maganin rage dafin nan da cibiyar binciken noma ta IITA ta fitar don gyaɗa da masara, ya fi kyau. Ko kuma a kawo barkono da kayan ƙamshi kawai daga gida, ki sayi gyaɗar da ta riga ta wuce gwaji a nan, ki yi ƙulinki a Manchester.

Maman Hanif: Yaya Sanusi ta biyun nan na taɓa gwadawa da azumi da nawa ya ƙare. Gyaɗar nan manya ce, ba ta da ƙamshin tamu. Na markaɗa a bilenda, na juya da ruwan zafi har hannuna ya sage, man ya fita amma ƙulin bai yi ƙarau ba. Da na daka sai ya riƙa cuɗewa kamar tunkuza. Abban Hanif ya lasa sau ɗaya ya ce wannan ba na Inna ba ne.

Gwaggo Turai: Ba ki matse shi da kyau ba ne, kuma kin yi mashi wuta da yawa. Ƙulin yaji sirara ake murza shi, a soya da wuta kaɗan har ya bushe ciki. In kin karya ki ji ƙas, ki ga ciki da waje kala ɗaya. In waje ya yi ja ciki fari, zai cuɗe a turmi. Sannan ba a daka shi da zafi, sai ya kwana.

Maman Hanif: Gwaggo ai ban taɓa sanin ana barinsa ya kwana ba. Na gode.

Anti Rabi: Ni dai nawa ba abinci ba ne amma ku ji. Na taɓa aika wa 'yata rinannun yadudduka ta sayar a Kanada, muka rubuta rinin gargajiya. Wata ta wanke da inji ta haɗa da fararen kayanta, duka suka koma shuɗi, sai da muka biya ta. Laifinmu kawai ba mu rubuta a wanke shi daban da ruwan sanyi ba, mu a wurinmu kowa ya sani. Abin da kowa ya sani a gida shi za ki rubuta, Maman Hanif.

Sanusi (Leicester): Anti Rabi kin kawo ni kan maganar alaji.

Kawu Lawal: Wane Alhajin kuma?

Zainab A.: Kawu ba Alhaji ba 😂 borin jini yake nufi, wanda in ya ci wani abu jikinsa ke kumbura.

Sanusi (Leicester): Shi fa. Kowane Bahaushe ya san yaji da ƙuli ake yi. Bature ya ga jan gari zai ɗauka barkono ne zalla, ya barbaɗa wa yaron da gyaɗa ke toshe wa numfashi. A nan ana mutuwa a kan wannan. Abubuwa 14 doka ta lissafa da dole a fito da su da baƙin rubutu mai kauri a jerin kayan haɗi, gyaɗa na ciki, haka riɗi, waken soya, alkama. Ki juya kwalin dunƙulen da Inna ke sawa ki karanta, duk abin da ke ciki ya shiga yajinki, sai kin kwafe shi. Robobi 30 ɗin da kike sayarwa yanzu ba rubutu, daga yau ko da biro ne ki rubuta akwai gyaɗa.

Sai injin unguwa. In ana kai barkono da citta niƙa, wanda ya riga ku wataƙila alkama ya niƙa ko waken soya na awara. Ragowar tana cikin injin.

Gwaggo Turai: Citta da kimba kawai muke kaiwa inji don sun yi tauri. Sauran turmi ne.

Sanusi (Leicester): To ko a saya muku ƙaramin inji na yajin kaɗai, ko a rubuta a jiki cewa ana iya samun ɓurɓushin alkama da soya. Na farkon ya fi mutunci. Kuma barkonon a saye shi ɗanyen busasshe da ƙwayarsa, kada a sayi niƙaƙƙe. A 2005 an janye ɗaruruwan kayan abinci daga shagunan Ingila saboda jan rinin Sudan da aka samu a garin barkono, tun daga nan idonsu na kan duk wani jan gari. A kuma daina shanya a bakin titi inda awaki da kaji ke bi, don yaji ba a dafa shi, yadda yake haka ake ci. Gadon shanya mai ƙafa da gidan sauro a kai ya isa.

Nura Kargo: Gaskiya suna da tsanani. Wake ma tun 2015 Tarayyar Turai ta hana namu shiga saboda fiya-fiyar da ake zuba wa buhu. A gaya wa su Gwaggo kada a fesa komai a ɗakin da aka ajiye kayan.

Maman Hanif: An yi dakan gwaji jiya, ƙanwata ta zauna da sikeli yadda Yaya Sanusi ya ce. Da muka mayar da lissafin kan kilo 10, ƙuli ya tashi kilo 5 cif, barkono 1.8, citta 1.2. Gishiri giram 600, dunƙule 500, tafarnuwa 300, sai kanumfari da masoro da kimba 200 kowanne. Ni kaina na yi mamaki, ashe rabin yajin ƙuli ne. Bayan tankaɗe in tsaki ya fita, ina ga zan samu leda 95 masu giram 100.

Sanusi (Leicester): Madalla, jerin kayan haɗinki ya fito da kansa, gyaɗa ce a farko. Kuma kin ga dalilin da na nace a kan ƙuli. Kuɗin gwaji ɗaya ne ko kilo 10 kika kai ko 50, don haka ƙaramin daka shi ya fi jin nauyinsa. A leda 95 kowace za ta ɗauki kaso mai tsoka, a leda 475 ba za ki ji ba. Amma kada ki yi babban daka kafin ki san kwana nawa yake yi. Ki ware leda 8 daga wannan, ki ajiye a kabad, duk wata ki buɗe ɗaya ki shinshina ki lasa. Watan da kika fara jin maƙaƙin tsohon mai a maƙogwaro, ki ja baya da wata biyu, shi ne wa'adin da za ki buga. Kada ki kwafi shekara biyu daga jikin kwalbar kori, ita ba mai a cikinta kamar naki.

Zainab A.: Anti ki ƙara a baya cewa yana maganin sanyi da mura, kuma yana da kyau ga masu jego. Irin wannan labarin yana sayar da kaya wallahi.

Sanusi (Leicester): Kul. Da kin rubuta abinci yana maganin wata cuta kin karya doka, kuma shi ne abin da ya fi saurin jawo a sauke kaya daga kanta. Ki ba da labarin Inna da turminta iya son ranki, ban da magani.

Malam Kabir Daura: Ni tambayata tana nan. In ta bi hanya ta biyu, rabin abin da ke cikin ledar gyaɗar wata ƙasa ce, an soya a Manchester. Da wane baki za a rubuta "dakan gida daga Katsina" a sa Gobarau? Ko ba dokar Turawa, akwai ta Allah a kan ciniki.

Sanusi (Leicester): A nan dokar ma tana bayanka Malam. In rubutu ko hoto ya nuna kaya daga wani wuri suke, alhali babban abin da ke ciki daga wani wurin ne, dole a faɗa. Abin da za ta iya rubutawa da gaskiya shi ne: haɗin Inna na Katsina, barkono da kayan ƙamshi daga Najeriya, an haɗa a Manchester. Ba abin kunya a ciki. Maganar suna kuma, in za ta yi rajistar tambari a nan, rukuni na 30 ne na kayan yaji, amma "yaji" kaɗai sunan abin ne, ba na wani ba ne balle ta mallake shi. Sai ta haɗa da wani suna nata.

Zainab A.: Kuma a guji suna mai ƙ ko ɗ. Wata ƙawata ta sa Ɗanɗano, a Instagram ya koma `dandano`, Turawa na karanta shi wani iri. Inna ya yi, kowa zai iya faɗa.

Gwaggo Turai: Ni dai in za a sa sunan Inna, to ya fito daga turmin Inna. In can za ki yi, ki sa sunanki, Yajin Bilkisu, ba wanda zai ce kin yi laifi. Kuma ku tuna da matar nan mai ƙuli, marayu take riƙo, mu ne manyan masu sayenta.

Maman Hanif: Gwaggo wannan maganar ta tsaya min. Amma Inna ta haura saba'in, in mai shagon ya ce leda 300 duk wata, turminta ba zai iya ba, dole a ɗauki 'yan aiki ko a koma inji. A lokacin ma ai ba dakanta ba ne.

Malam Kabir Daura: In tana zaune tana lasawa tana cewa a ƙara citta, nata ne. Sarkin fawa ba shi ke fiɗa ba.

Zainab A.: To in haka ne ko a Manchester aka yi da awonta ai nata ne, Baba Malam.

Malam Kabir Daura: Awo ba ya lasawa, Zainabu.

Maman Hanif: Ga abin da zan yi kafin in biya mai zanen leda. Wannan kilo 10 ɗin da aka yi da ƙulin kasuwa ba zan sayar ba sai an gwada, zan ɗebi samfur yadda Yaya Sanusi ya ce. In kaka ta yi, Kawu Lawal don Allah ka nema min manomi ɗaya a wajenku mai kirki, buhu biyu zan fara saya, a kai wa su Gwaggo su tsince, matar nan ta yi ƙulin a biya ta. Ni kuma a nan zan sake gwada nawa da sirara da wuta kaɗan, in bar shi ya kwana. In duka biyun sun samu zan zuba a kofi biyu ba suna in ba Abban Hanif da maƙwabciyata, in aiko wa Inna ma ta lasa.

Kawu Lawal: An gama, akwai wani ɗan uwana wajen Mai'aduwa. Amma tsintar buhu biyu ƙwaya-ƙwaya wa zai biya? Ba aikin yini ɗaya ba ne.

Gwaggo Turai: Ita za ta biya mana. Kuma wadda aka tsince ɗin mi za a yi da ita, a ba kaji?

Sanusi (Leicester): Kada a ba kaji Gwaggo, kada kuma a bar yara su kai wa mai ƙuli. A haƙa rami a binne. Maman Hanif, in sakamakon gwajin ya fito ki turo min hoton takardar, layi biyu zan nuna miki ki duba.